Monita ko talabijin don buga gem: fara auna nisan wurin zamanka

Wanda ya sayi PlayStation ko Xbox, ko ya haɗa kwamfutar buga gem, tambayar da ke biyo baya ita ce a jikin me zai jona ta. A kasuwa kuwa amsar da zai ji ba ta wuce biyu. Mai shagon talabijin zai ce a ɗauki babba, mai shagon kwamfuta zai ce ƙwararru da monita suke bugawa. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai babu wanda ya ga ɗakinka a cikinsu. Ni a ganina abubuwa biyu ne ke yanke wannan hukunci tun kafin a zo maganar kamfani ko farashi: nisan da ke tsakanin idonka da allon, da kuma yawan mutanen da za su zauna a gabansa. In ka san waɗannan, girman da ya dace zai fito da kansa, irin fanel ɗin, wato shafin allon da ke fitar da hoto, shi ma zai fito, sauran bayanan da ke jikin kwali kuma za ka san wanda ya shafe ka da wanda bai shafe ka ba.

Don haka ka ɗauko tef ɗin awo, ko na tela ne, ka zauna yadda ka saba zama in kana wasa, a auna daga idonka zuwa inda allon zai tsaya.

Lissafin uku da huɗu

Incin da ake faɗa a jikin allo awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba. Monita mai inci 24 faɗinsa kusan santimita 53 ne, mai inci 27 kusan 60, talabijin mai inci 43 kusan 95, mai inci 55 kuma kusan 122. Amma abin da ido ke ji shi ne yawan filin ganinka da allon ya cinye, kuma wannan da digiri ake auna shi. Masana harkar hoto suna da ƙa'idoji biyu da aka fi ambato. Ƙungiyar SMPTE ta ba da shawarar allo ya cika aƙalla digiri 30 na ganin mai kallo, kamfanin THX kuma ya kai shi wajen digiri 40 ga mai son hoton ya mamaye shi. Ba sai ka riƙe waɗannan ba, domin akwai hanya mai sauƙi. Ka ninka incin allon sau uku, abin da ya fito shi ne nisa mafi kusa a santimita. Ka sake ninka shi sau huɗu, wannan shi ne nisa mafi tsawo da bai kamata ka wuce ba.

Monita mai inci 27 ke nan yana son a zauna tsakanin santimita 81 da 108. Talabijin mai inci 43 yana son 129 zuwa 172. Mai inci 55 yana son 165 zuwa 220, mai inci 65 kuma 195 zuwa 260.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Saurayi ne mai ɗaki ɗaya, ya samu PS5. Katifarsa da kujerarsa suna jikin bango ɗaya, allon zai tsaya a bangon da ke kallonsa, an auna an samu santimita 240. In aka raba 240 gida huɗu za a samu 60, gida uku kuma 80. Wato daga wannan wurin zama, allon da zai cika masa ido yana farawa ne daga wajen inci 60. Mai inci 55 zai wadatar da ƙyar, domin digiri 28 da ɗoriya zai ba shi. Mai inci 43, wanda shi ne aljihunsa ya fi iya kaiwa, digiri 22 kawai zai cika. A wasan ƙwallo zai ga 'yan wasa ƙanana, ɗan taswirar filin da ke ƙasa kuma sai ya ƙanƙance ido. A wasan harbi abokin gaba da ke nesa zai zama ɗigo. Alamar da ke nuna allo ya yi wa mutum ƙanƙanta ita ce ya riƙa samun kansa a bakin kujera, wuyansa a miƙe gaba, duk lokacin da wasa ya yi zafi.

Yanzu a ce wannan saurayin ya sa ɗan tebur a gefen ɗaki ya ɗora monita mai inci 27, ya zauna santimita 80 daga gare shi. Allon zai cika masa digiri 41. Kafin ya samu irin wannan girma daga kan kujerarsa ta santimita 240, sai ya sayi talabijin mai inci 80 da wani abu. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi sai sun zauna sun gani: ƙaramin monita a kusa ya fi babban talabijin da ke nesa girma a ido. Saboda haka zaɓin da ke gabansa uku ne. Ko ya ƙara kuɗi ya sayi mai inci 55 zuwa 65 ya bar kujera inda take, ko ya sayi mai inci 43 ya riƙa jawo kujera zuwa wajen santimita 150 in zai yi wasa, ko ya koma tebur da monita.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato ɗora talabijin mai inci 43 a kan tebur a zauna santimita 70 daga gabansa. A nan allon ya wuce digiri 65. Ido ba zai iya ganin tsakiya da kusurwa a tare ba, dole sai an juya kai don duba taswira ko sauran harsashi, kuma cikin awa ɗaya wuya da ido za su gaji. Masu gasar wasannin harbi shi ya sa suka tsaya a inci 24 zuwa 25, suna son komai ya kasance cikin kallo ɗaya.

Shin 4K zai amfane ka daga inda kake zaune?

Hoton allo ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma 1080p da 1440p da 4K suna nuna yawansu ne, daga mafi kaɗan zuwa mafi yawa. Ido mai lafiya yana daina rarrabe su ɗaya bayan ɗaya in an kai wani nisa, kuma daga nan ƙarin fiksel ba ya ƙara wani abin a zo a gani. A talabijin mai inci 55, fiksel ɗin 1080p suna ɓacewa a wajen santimita 220, na 4K kuma tun a wajen 110. Saurayinmu mai santimita 240 ya riga ya wuce iyakar farko, don haka bambancin 4K da 1080p a wurinsa kaɗan ne ƙwarai. Ba wai ya guji 4K ba, ai kusan duk sabon talabijin mai wannan girma da shi yake zuwa. Abin nufi, kada wannan rubutu ya zama dalilin da zai ƙara kuɗi, kuma in gem ya ba shi zaɓi tsakanin kyan hoto da santsin motsi, ya ɗauki santsin motsi ba tare da ya ji ya yi asara ba.

A kan tebur lissafin ya juya, domin ido yana kusa. 1080p a inci 24 yana da kyau a nisan tebur. In aka shimfiɗa shi a inci 27 sai ya fara yin laushi, gefen rubutu ya riƙa nuna tsani-tsani, domin sai an ja baya fiye da mita ɗaya kafin fiksel su ɓuya. 1440p a inci 27 fiksel ɗinsa suna ɓacewa a wajen santimita 80, daidai inda mutum ke zama, shi ya sa wannan haɗin ya zama wanda aka fi so. PS5 ta fara karɓar 1440p ne a sabuntawar watan Satumba na 2022, Xbox Series S kuwa tun asali don wannan ma'auni aka yi ta. PS4 ta farko da PS4 Slim ba sa wuce 1080p da 60Hz, wato hoto 60 a sakan, saboda haka mai ita ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan 1440p ko 144Hz, sai in yana shirin canza na'ura nan kusa.

Abu ɗaya da nake so a kiyaye shi ne talabijin mai inci 32. Shi ne ya cika gidajen gem da shaguna saboda araha, kuma da yawansa an rubuta masa HD Ready, wanda ke nufin 1366×768, bai ma kai 1080p ba. Fiksel ɗinsa ba sa ɓuya sai a wajen santimita 180, alhali girmansa yana son a zauna tsakanin 96 da 128. Ka matso ka ga ɗigo, ka ja baya ya yi maka ƙanƙanta. Ga mai buga gem shi kaɗai, monita na hannu mai inci 24 da cikakken 1080p ya fi shi nesa ba kusa ba.

Fanel, da maganar mutane nawa ne a ɗakin

A nan ne ya kamata a zauna a yi bayani, domin a nan ake yawan rikita mai saye. LED da QLED ba nau'in fanel ba ne. Duk allon LCD ne mai fitila a bayansa, QLED kuma an ƙara masa wani shafi da ke gyara launi. Fanel ɗin da ke gaban fitilar shi ne ko dai IPS, ko VA, ko tsohon TN. OLED ne kaɗai ya fita daban, domin ba shi da fitila a baya, kowane fiksel da haskensa.

IPS launinsa ba ya canzawa sosai ko daga gefe aka kalla. Rauninsa baƙi. Farinsa bai fi baƙinsa haske da kusan sau 1,000 ba, don haka in aka kashe fitilar ɗaki da dare, abin da ya kamata ya zama baƙi ƙirin sai ya fito toka-toka, kusurwoyi kuma su riƙa wani ɗan ƙyalli. VA yana rufe haske da kyau, bambancin farinsa da baƙinsa yana kai sau 3,000 zuwa 5,000, hoton dare a cikin gem yana fitowa da zurfi. Shi kuma rauninsa biyu ne. Na farko, in ka kauce daga tsakiya launi yana kodewa, koren fili ya koma fari-fari. Na biyu, fiksel ɗinsa suna nawa wajen fita daga baƙi zuwa launi mai ɗan duhu, sai ka ga abu mai duhu yana jan jela a bayansa in kyamara ta juya, kamar an shafa gawayi da yatsa. A VA mai araha wannan jela tana fitowa ƙarara a wasannin da ake yawo cikin duhu. A wasan ƙwallo, inda fili ke da haske, da wuya ta dami kowa.

Yanzu ka tuna yadda ake buga EA Sports FC ko eFootball a ɗakin samari. Mutum biyu riƙe da fad a tsakiya, uku ko huɗu a gefe suna jiran wanda za a cire, wani a kan katifa, wani a ƙasa kan kafet. Waɗanda ke tsakiya za su ga hoto mai kyau a VA, na gefe kuma za su ga kodadde. In ɗakin ƙarami ne kuma an zauna kusa, matsalar tana ƙaruwa, domin kusurwar da na gefe ke kallo daga ita ta fi karkata. Ga irin wannan zama IPS ya fi dacewa, musamman da yake yawanci da rana ko da fitila a kunne ake yi, inda raunin baƙinsa ba ya fitowa. Wanda kuma shi kaɗai yake zama da dare, a daidai tsakiya, yana bin wasan labari, VA zai fi gamsar da shi.

Tsayin da aka rataye allon ma yana cikin wannan lissafi. An saba kafa talabijin can sama kusa da silin don kada yara su taɓa, alhali a ƙasa ake zama. Kallon VA daga ƙasa yana kodar da shi kamar yadda kallonsa daga gefe ke yi, TN kuwa daga ƙasa duhu yake yi har launi ya juye. Tsakiyar allo ya kamata ya zo daidai da ido ko kusa da haka. In dole ne a ɗaga shi, a sayi abin ratayewa mai sunkuyowa a karkato da fuskarsa zuwa masu zama.

Talabijin ba kasafai ake rubuta nau'in fanel ɗinsa a kwali ba, kuma samfuri ɗaya yana iya zuwa da VA a wani girma, IPS a wani. Gane shi a shago ba wuya. Ka sa a kunna hoto mai fuskar mutum, ka tsaya a tsakiya, sannan ka taka zuwa gefe a hankali kana kallo. In fatar ta kode tun kafin ka yi nisa, VA ne. In launin ya riƙe amma baƙin ya yi toka, IPS ne. Monita shi ana rubuta nasa a fili.

OLED ya haɗa alherin biyun: baƙi na gaske, kallo daga gefe ba matsala, motsi kuma tsaf ba jela. Tun 2022 ana samun talabijin ɗinsa har mai inci 42. In kuɗi ya kai, babu allon da ya kama ƙafarsa wajen wasan dare. Amma ina jan kunnen mutum biyu. Na farko mai gidan gem, ko duk wanda allonsa zai yini kan wasa ɗaya. Allon maki da agogon wasa da taswira suna tsaye wuri guda, kuma fiksel ɗin OLED da aka fi wahalarwa suna riga sauran tsufa, har inuwar abin ta zauna dindindin. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, ɗakin rufin kwano a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake. Na biyu wanda wutarsa ke yawan ɗaukewa. Waɗannan talabijin suna yin wani gyaran fiksel da kansu bayan an kashe su da rimot, muddin suna jone da wuta. Wanda kullum a soket yake kashewa, ko wutar ce ke yanke masa, yana hana wannan gyara gudana a kan lokaci.

Jinkiri tsakanin yatsa da allo

Da, babbar hujjar masu monita ita ce talabijin yana da jinkiri, ka danna fas sai bayan ɗan lokaci ɗan wasa ya buga. Dalili shi ne talabijin yana tsayawa ya gyara kowane hoto kafin ya nuna shi. A tsarin kallon fim wannan jinkiri yana iya kai milisakan 80 zuwa sama da 100, alhali hoto ɗaya a 60Hz milisakan 16.7 yake ɗauka, wato kana bayan wasan da hoto biyar ko shida. In aka kunna `Game Mode`, talabijin na zamani mai kyau yana saukowa zuwa wajen milisakan 10 zuwa 15, kusan daidai da monita a 60Hz. Don haka yau tambayar ita ce ko talabijin ɗin yana da `Game Mode` na gaske. Waɗanda ba a san kamfaninsu ba wani lokaci suna da sunan a jerin saituna, amma launi kawai yake canzawa. Gwajin yana hannunka: ka shiga jerin zaɓin na'urar ka riƙa danna sama da ƙasa da sauri, a kunne da kuma a kashe. In ba ka ji bambanci ba kuma alamar tana biyo yatsanka a makare, ka bar shi.

Rubutun `1ms` da ke jikin kwalin monita ba wannan jinkiri yake nufi ba. Saurin canza launin fiksel ne, kuma yawanci a saiti mafi tsanani aka auna shi, wanda ke sa abu mai motsi ya riƙa jan farar inuwa. Saitin ana kiransa `Overdrive` ko `Response Time`, kuma na tsakiya ne ya fi dacewa a mafi yawan monita.

Sai 120Hz. A nan monita ya yi wa talabijin fintinkau wajen araha, domin monita mai 144Hz ko 165Hz ya zama gama-gari, talabijin mai 120Hz na gaske kuwa yana cikin masu tsada. A lura da sunaye irin su Motion Rate da TruMotion da Motionflow masu lamba 120 ko 200 a gaba, sau da yawa fanel ɗin 60Hz ne, lambar ta dabarar ƙirƙiro hoto ce wadda ba ta aiki a `Game Mode`. Amma kafin ka biya kuɗin 120Hz ka tambayi kanka me kake bugawa. Fortnite da Call of Duty suna da tsarin hoto 120 a sakan a PS5, kuma bambancin ana jin sa a hannu. Wasannin ƙwallo da mafi yawan wasannin labari a na'urorin nan a 60 suke tafiya ko ƙasa da haka. Wanda ƙwallo ce rayuwarsa, kuɗin 120Hz gara ya zuba shi a ƙarin inci.

Wanda zai ɗauki monita don PS5 ya duba kafar HDMI da kyau, domin na'urar ba ta da DisplayPort, kuma wasu monita cikakken saurinsu ta DisplayPort kaɗai yake fitowa. HDMI 2.0 ya isa 1080p ko 1440p a 120Hz, ya isa 4K a 60Hz. 4K a 120Hz ne ke buƙatar HDMI 2.1 mai cikakken ƙarfi, kuma rubutun 2.1 shi kaɗai ba hujja ba ne, ka nemi inda aka rubuta 4K 120Hz ƙarara. FreeSync da VRR dabaru ne da ke sa allo ya bi saurin hoton da na'ura ke turo masa; FreeSync yana aiki da Xbox da kwamfuta, PS5 kuwa VRR na HDMI take nema. Monita mai faɗin nan na 21:9 na masu kwamfuta ne, PS5 ba ta cika shi, baƙi za ta bari a gefe biyu.

Wuta, sauti da mutanen gida

Ga mai amfani da inbata ko sola, bambancin cin wuta ba ƙarami ba ne. PS5 tana jan wajen wat 200 a tsakiyar wasa. Monita mai inci 27 yana jan wajen 30, talabijin mai inci 55 kuma yana iya jan 100 zuwa sama gwargwadon haskensa. Batir ɗaya mai 12V 200Ah irin na ruwa, in aka tsaya a rabinsa don ya yi ƙarko aka kuma cire asarar inbata, abin da zai bayar bai wuce abin da zai riƙe kayan wat 1,000 na awa ɗaya ba. Da monita, jimillar wat 230, za a samu awa huɗu da 'yan mintuna. Da talabijin mai jan 110, jimillar 310, awa uku da kaɗan. Kusan awa guda ke nan a kowane dare, ba a ma sa fanka a lissafi ba.

Talabijin kuma yana zuwa da abubuwan da monita ba shi da su. Yana da sifika da rimot, ana kallon labarai da ƙwallon Turai a kansa, iyali su zauna tare. Monita da yawa ba su da sifika ko kaɗan, masu ita ma sautin ba daɗi. Mai PS5 zai iya soka abin kunne a jikin fad ɗinsa, ko ya jona ƙaramar sifika a kafar sauti ta monita in yana da ita, amma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a sa a lissafi tun farko. Magidanci mai falo ɗaya yana da wata matsalar ta daban: in gem yana kan talabijin ɗin gida, to lokacin wasansa shi ne lokacin da babu mai kallo. Ga irinsa, monita a ɗaki ya fi sabon talabijin amfani ko da na falon ya fi kyau.

Abin da zan ce wa saurayin nan

In ƙwallo ce abin da aka fi bugawa a ɗakinsa kuma abokai suna taruwa, talabijin zai saya. Mai inci 55 in kuɗi ya kai, IPS in ya samu, 60Hz ya ishe shi, da sharaɗin `Game Mode` ɗinsa na gaske ne. In mai inci 43 kaɗai zai iya, ya saya amma ya san cewa wurin zaman masu fad zai dawo wajen santimita 150, ba jikin bango ba. Monita mai inci 27 ba zai ɗauki mutum biyar ba, mutum biyu ma sai sun haɗa kafaɗa.

In kuma shi kaɗai yake wasa, ko ta intanet yake fafatawa a wasan harbi, ko wutarsa ta batir ce, to monita mai inci 27, 1440p, IPS, wanda ke karɓar 120Hz ta HDMI. Zai ga hoto mafi girma a ido fiye da talabijin ɗin da zai iya saye, ya samu santsin da talabijin mai irin wannan farashi ba zai ba shi ba, kuma allon zai yi masa aikin kwamfuta. Wanda ke tsaka-tsaki, yana wasa shi kaɗai amma wani lokaci aboki ɗaya yana zuwa, monita mai inci 32 a nisan mita ɗaya zuwa santimita 125 yana ɗaukar mutum biyu ba takura.

Ko wanne ya zaɓa, musamman in na hannu ne, ya tafi da na'urarsa da wayar HDMI ɗinta shagon, ko a Beirut Road ta Kano ne ko a Alaba ta Legas. A PS5 ya bi wannan hanya:

```
Settings > Screen and Video > Video Output > Video Output Information
```

A nan na'urar za ta faɗi abin da allon ke karɓa da gaske, ma'aunin hoto da 120Hz da VRR, ba abin da kwali ya ce ba. A wannan shafi na `Video Output` akwai `Test 1440p Output` ga mai gwada monita. In talabijin ne kuma bai nuna abin da aka yi alkawari ba, ya gwada wata kafar HDMI, domin sau da yawa biyu ne kawai cikin huɗu ke da cikakken ƙarfi, sannan ya duba ko an kunna saitin kafar, wanda Samsung ke kira `Input Signal Plus`, LG ke kira `HDMI Ultra HD Deep Colour`, Sony kuma `Enhanced format`.

Daga nan ya sa a nuna hoto fari fat mai cika allo, sai baƙi, sai ruwan toka, sai ja, daga filashi ko kwamfuta. Fari yana tona mataccen fiksel da tabon shuɗi-shuɗi na fitilar baya da ta tsufa, da fararen ɗigo masu haske inda murfin fitila ya faɗo. Baƙi yana nuna inda haske ke yoyo ta gefe, kuma gara ya kare allon daga hasken shago da jikinsa ko da mayafi don ya gani sosai. Ruwan toka da ja su ne ke fito da inuwar tambarin tasha ko allon maki da ta zauna a tsohon OLED. Ya bar allon a kunne kamar minti ashirin kafin ya biya, domin wasu layuka da ƙyaftawa ba sa bayyana sai fanel ya ɗauki zafi, kuma ya duba takardar bayan allon ko adaftarsa ya tabbatar an rubuta 100–240V, saboda wasu talabijin da aka shigo da su daga Amurka 120V kaɗai suke ɗauka, wutarmu kuwa 230V ce.